Gaisuwar mutuwa daga wani harshe zuwa wani: abin da ake fassarawa da abin da ake bari

Duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa a Owerri, ya san cewa idan aka yi mana rashi, ba 'yan uwa Hausawa kaɗai ke gaishe mu ba. Maƙwabci Bayarabe zai turo saƙo, abokin kasuwa Ibo zai turo, abokan aiki su turo da Turanci. Sau da yawa ɗa ko jika ne ake miƙa wa waya a ce ya karanta wa Hajiya da Hausa. A nan ne saƙon da aka rubuto da zuciya ɗaya kan iya zama abin ɓacin rai, don kawai an bi kalmominsa ɗaya bayan ɗaya.

Ta'aziyyar Bahaushe tana tafiya ne a kan abu uku. Akwai addu'a ga mamaci: Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa. Akwai ƙarfafa masu rai: Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Sai kuma mai gaisuwar ya tuna da kansa: idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Gaisuwar Turanci kuwa ta fi karkata ga bayyana yadda mai rubutu ya ji: na kaɗu, raina ya ɓaci, ina tare da ku. Aikin mai fassara shi ne ya gane abin da kowace jimla ta zo yi, sannan ya nemo maganar da ke yin wannan aikin a Hausa.

A ɗauka wani dattijo mai sayar da albasa ya rasu a Legas, sai maƙwabcinsa na kasuwa, Kirista, ya turo wa matarsa saƙo da Turanci mai jimla uku. Idan aka bi kalmomin, ga abin da zai fito: "Ina baƙin ciki da asarar da kika yi. Ya tafi wuri mafi kyau. Ransa ya huta lafiya."

Matsalar farko ita ce kalmar "asara". Kalmar Turancin da ake amfani da ita a nan tana ɗaukar ɓatan kuɗi da mutuwar mutum duka, amma a Hausa an fi kiran asara ga kaya da dukiya. Mutum rashinsa ake yi. Haka kuma ba a ce wa iyalin mamaci "ya mutu", sai dai "ya rasu" ko "Allah Ya yi masa rasuwa".

Jimla ta biyu ita ta fi buƙatar lura. Mai saƙon yana faɗin abin da yake fata ne cikin siffar tabbaci, kamar yadda aka saba a al'adarsa. Musulmi kuwa ba ya yanke hukunci kan makomar kowa, roƙo yake yi. Saboda haka fatan da ke cikin jimlar za a ɗauko a mayar da shi addu'a: Allah Ya sa can ta fi masa nan. Jimla ta uku, wadda ake taƙaitawa da haruffan RIP, asalinta addu'a ce da harshen Latin, kuma Hausa na da takwararta: Allah Ya sa ya huta.

Ga yadda saƙon zai isa kunnen Hajiya: "Maƙwabcin Alhaji na kasuwa yana yi muku gaisuwar rashi. Ya ce rasuwar ta taɓa shi ƙwarai. Yana addu'ar Allah Ya sa can ta fi masa nan, Ya sa ya huta." A lura ba a ƙara masa istirja'i ko ambaton Aljannar Firdausi ba, domin bai faɗe su ba. Sanya wa mutum kalmomin addinin da ba nasa ba a baki shi ma rashin amana ne a fassara.

A lura kuma da "muku" a maimakon "miki". Turanci kalma ɗaya yake da ita ga wanda ake yi wa magana, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko da yawa. Hausa sai ta zaɓa tsakanin ka, ki da ku, kuma "ku" ta fi dacewa da babba, ta kuma haɗa da sauran iyali. Yarabanci da harshen Ibo ba sa bambanta "shi" da "ita", don haka wanda zai fassara daga cikinsu ya tabbatar wane ne ya rasu kafin ya ce "jiƙansa" ko "jiƙanta".

Yarabawa na da wata gaisuwa da suke yi idan tsoho ya rasu ya bar 'ya'ya da jikoki, wadda ke ɗauke da godiyar cewa 'ya'ya ne suka binne mahaifi, ba shi ya binne su ba. Kada a fassara ta da "barka". Abin da ya fi kusa da ita shi ne: Allah Ya albarkaci bayansa. Suna kuma addu'ar kwanaki su yi nisa da juna, ma'ana kada wata mutuwar ta biyo baya da wuri. A Hausa sai a ce: suna yi muku addu'ar tsawon rai.

Idan mu ne za mu yi wa maƙwabci Kirista gaisuwa, "ya haƙuri?" ba ta fassaruwa. A wani harshen tambaya ce da ke neman amsa, har tana iya zama kamar ana gwada mutum. Malamai da dama sun ce ana yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya, amma addu'ar ta karkata ga masu rai. Don haka kashi na biyu na gaisuwarmu shi za a ɗauka: na ji labarin rasuwar mahaifinka, Allah Ya ba ku ƙarfin jure rashin, Ya kula da abin da ya bari. Idan akwai wani alheri da aka san mamacin da shi, a ambaci guda ɗaya. Ga Kirista mai jin Hausa, "Allah Ya ta'azantar da ku" magana ce da ya saba ji. A tuna kuma cewa a Kudu jana'iza kan ɗauki makonni ko watanni, don haka a gaisa da zarar an ji labari, a sake gaisawa ranar binnewa.

Akwai abin da aikina na harhaɗa magunguna ya sa nake jan hankali a kansa: kada ciwon da ya yi ajali ya shiga saƙon ta'aziyya. Wani zai rubuta cewa da an kai shi asibiti da wuri, ko ya tambayi wane magani yake sha. Mai makoki dama yana tuhumar kansa, irin wannan magana kuwa tana ƙara masa nauyi, tana hana shi barci, musamman matar da ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma, wadda za ta daɗe tana juya maganar a ranta. Ciwon mutum sirrinsa ne har bayan ransa. Idan irin wannan tambaya ta zo cikin saƙo, mai fassara ya isar da gaisuwar, ya ajiye tambayar ga wani babba a gidan da zai san lokacin amsa ta.

Kafin a tura ko a karanta wa mai makoki, a furta fassarar a fili sau ɗaya. Idan magana ce da za a iya faɗa a zaure ko a tsakar gida, a gaban dattawa, ba tare da kowa ya ɗago kai ba, to ta yi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata ƙarshenmu.