Maganar da aka ƙulla ta waya, a saukar da ita a rubuce

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, yawancin yarjejeniyoyinmu sun koma cikin waya. Mai gida yana Alƙahira ko Bur Sudan, gidansa yana Umbadda ko Sawra a Omdurman, mai neman haya kuma ya dawo da iyali babu wurin sauka. Sai a kira juna, a gaisa, a yi ciniki, a rabu a kan amana. Wasu daga cikinmu sukan naɗi kiran su ajiye, suna ganin sun riƙe hujja. Ra'ayinmu shi ne muryar da aka naɗa ba ta wadatar ba, sai an fitar da sharuɗɗan a rubuce, kowa ya karanta ya amince tun ana shiri.

Dalili na farko yana cikin harshenmu na ƙirga kuɗi. Fam ɗin da ya shigo a 2007 daidai yake da tsohon fam dubu, amma har yau a kasuwannin Khartum mutane da yawa suna cewa miliyan alhali fam dubu suke nufi. Mu ɗauka mai gida ya ce hayar wata miliyan ɗari uku ce. A lissafin tsoho fam 300,000 ke nan, amma ɗansa da ya tashi a waje zai iya jin wani adadi dabam. Muryar ta adana lafazin kawai, ma'anar tana zukatan masu magana. Rubutu shi ke tilasta mana mu sa adadin da lambobi da kalmomi, mu kuma ce da sabon fam ne.

Mu ci gaba da misalin. A cikin kiran, mai haya ya ce an ɓalle ƙofofi, an zare wayoyin wuta. Mai gida ya amsa: "Gyara kawai, ma daidaita." Bayan wata uku mai haya ya kashe fam 900,000, yana ganin ya biya hayar wata uku. Mai gida kuwa ƙofa ɗaya yake nufi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma ko an sake sauraron kiran sau goma ba za a ji iyakar kuɗin gyaran ba, domin ba a faɗe ta ba.

Aikin ba mai wuya ba ne. Kafin a naɗi kira a sanar da abokin magana, domin naɗa a ɓoye yana ɓata amanar da ake son tsarewa. A ranar da aka yi kiran, a saurara a tsanake, a bar gaisuwa da labarin dangi, a rubuta sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya: wane gida, nawa, ranar fara haya, ranar biya, da hanyar biya, ko hannu da hannu ko ta Bankak. A gaban kowane sharaɗi a sa mintin da aka faɗe shi. Abin da ba a ambata ba, kamar iyakar kuɗin gyara, kada mai rubutu ya cike shi da zatonsa. Ya rubuta shi a matsayin tambaya. Sai a tura wa ɗaya ɓangaren, ya gyara ko ya amince a rubuce. Wanda ba ya karatu a karanta masa, ya amsa da muryarsa, shaidu biyu kuma su sami kwafi.

A rance akwai ƙarin tambaya. Darajar fam ta faɗi ƙwarai tun farkon yaƙi, don haka wanda ya turo riyal daga Jidda aka karɓa da fam yana bukatar a rubuta da wanne za a mayar masa.

Mun san abin da za a ce: neman rubutu daga ɗan'uwa alama ce ta rashin yarda. Mu da kakanninmu suka zauna a ƙasar nan a kan hanyar Makka, daga Mai Wurno har Khartum, da amana muka riƙe juna, kuma kunya tana da daraja a wurinmu. Sai dai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma wanda ake bi shi ta ɗora wa shibtar abin da za a rubuta. A nan mafita take. Mai haya ko mai karɓar rance shi ya kamata ya fara turo rubutun, don kada mai haƙƙi ya ji nauyin nema.

Wannan rubutu yana da iyaka. Ba ya maye gurbin takardar da lauya ya tabbatar, musamman a hayar shekaru ko kuɗi masu yawa. Amfaninsa shi ne ya fito da saɓani a ranar farko, lokacin da saƙo ɗaya zai warware shi. Waya tana ɓata, mutum yana mutuwa, magada kuma ba su ji kiran ba. Abin da aka rubuta aka amince da shi ne za su tarar.