Takardar Godiya Bayan Ganawar Wayar Tarho: Abin Da Ya Kamata Ta Ƙunsa

Wata al'ada ta neman aiki wadda ta yi ƙarfi a ƙasar Amirka ta shigo bankuna da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji na ƙasar nan, watau tantance masu neman aiki ta wayar tarho kafin a gayyace su ganawar ido da ido. Jami'in ɗaukar ma'aikata ya kan bugo waya, ya yi wa mutum tambayoyi na kamar minti goma sha biyar zuwa rabin sa'a, ya ajiye. Daga nan sai mai neman aiki ya shiga zulumi, ko ya yi shiru ya jira, ko ya rubuta 'yar takardar godiya. Ra'ayin wannan shafi shi ne ya rubuta, amma fa da sharaɗi, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kafin a san abin da za a rubuta, wajibi ne a san wanda ake rubuta wa. Galibi jami'in da ya bugo waya ba shi ne zai ba da aikin ba. Shi matankaɗi ne kurum. A gabansa akwai jerin sunaye, aikinsa kuwa ya tabbatar da abubuwa kaɗan game da kowane suna: ko takardun mutum sun dace da gurbin, ko albashin da yake nema ya shiga cikin abin da aka tanada, yaushe zai iya kama aiki, ko zai yarda ya zauna a garin da aikin yake. Idan ya gama sai ya rubuta taƙaitaccen bayani ya miƙa wa shugaban sashen da ke neman ma'aikaci. Saboda haka takardar da za ta yi amfani ita ce wadda za ta taimake shi ya rubuta wannan bayani daidai. Duk abin da ba zai iya ɗauka ya sa a cikin bayaninsa ba, ƙarin nauyi ne kawai aka ɗora masa.

A ɗauki misalin wani saurayi mai babbar difloma a fannin akanta, wanda ya gama bautar ƙasa, yana ɗan aiki a wani shago, ya kuma nemi gurbin mataimakin akanta a wani kamfanin rarraba takin zamani. Wata jami'a ta bugo masa ranar Talata da hantsi, suka yi minti ashirin. Ta tambaye shi ko ya taɓa daidaita littafin kuɗi da takardar bayanin asusu ta banki, ya ce i, daidai lokacin layi ya yanke, da ta sake bugowa kuwa sai ta wuce zuwa wata tambaya. Ta tambaye shi yaushe zai iya farawa, zumuɗi ya sa ya ce ko gobe, alhali kuwa takardar aikinsa na yanzu ta wajabta masa ba da sanarwar wata guda. Ta shaida masa cewa kamfanin na shirin buɗe sabon rumbun ajiya a Gusau, ta nemi ya aiko da takardar sallamarsa ta bautar ƙasa, ta ce zai ji daga gare su cikin mako biyu.

A irin wannan hali ne yawancin matasa kan zame. Sai ka ga an cika shafi guda da gaisuwa da kirari, a ce wa jami'a ita ce uwa ma ba da mama, a faɗa mata cewa mahaifi ya rasu kuma ƙanne bakwai na kallon mutum, a rufe da roƙon ta dubi girman Allah ta taimaka. Mai yiwuwa duk gaskiya ne. Amma babu layi ɗaya a ciki da jami'ar za ta iya miƙa wa shugaban sashen kuɗi, kuma abubuwa biyun da suka karkace a waya suna nan a karkace.

Ga abin da ya fi dacewa saurayin ya aika. Ko da Turanci zai rubuta, kamar yadda aka fi yi, tsarin ɗaya ne:

"Ranki ya daɗe, na gode da lokacin da kika ba ni yau muka yi magana kan gurbin mataimakin akanta. Bayanin da kika yi game da sabon rumbun Gusau ya ƙara mini sha'awar aikin, kuma a shirye nake in zauna can. Layi ya yanke kafin in kammala amsa a kan daidaita asusu: na yi wannan aiki a ƙarshen kowane wata har tsawon wata goma a inda na yi bautar ƙasa, da Excel nake yi. Akwai kuma gyara guda: na ce zan iya farawa nan take, amma sai na ba da sanarwar wata guda a wurin aikina na yanzu. Ga takardar sallamar da kika nema a haɗe. Ina sauraron ji daga gare ku cikin mako biyun da kika ambata."

Jimloli shida ke nan, kowace da aikinta. Ta farko ta ambaci sunan gurbin, domin jami'a ɗaya tana iya riƙe da guraba da yawa a lokaci guda, kuma muryoyin da ta ji a yini sun cakuɗe mata. Ambaton Gusau ya nuna cewa mutum ya saurara, ba takardar da ya kwafo ya aika wa kamfanoni goma ba ce, ya kuma amsa wata tambaya da ke cikin jerinta. Jimlar daidaita asusu ta cike giɓin da wayar ta bari, da adadi da sunan abin aiki, watau irin abin da ake iya ɗauka a sa cikin bayani yadda yake.

Jimlar gyara ita ce wadda ta fi wuyar rubutawa, ita ce kuma ta fi muhimmanci. Wani zai ce ai tona wa kai asiri ne, gara a yi shiru sai aiki ya zo hannu. Wannan lissafi bai fita ba. Jami'ar ta riga ta rubuta cewa mutumin zai fara nan take, shugaban sashe kuma zai tsara aikinsa bisa wannan magana. Ranar da aka ba shi takardar kama aiki ya ce sai bayan wata guda, kunyar a kan jami'ar za ta faɗa, domin ita ce ta kai labarin. Daɗin daɗawa, wanda ake nema ya riƙe littafin kuɗi, ba abin da zai fi yi masa shaida kamar a ga ya gano kuskurensa ya gyara shi a rana ɗaya ba tare da kame-kame ba. Sai dai gyara guda ya isa. Wanda ya bi amsoshinsa ɗaya bayan ɗaya yana sake su yana ba da haƙuri, ya nuna cewa ganawar duka ba ta yi kyau ba, ko da jami'ar ba ta ga haka ba tun farko.

Cikin abubuwan da ya kamata a bari, maganar albashi na gaba. Idan an faɗi adadi a waya, to, a bar shi yadda yake. Lokacin ciniki shi ne bayan an yi wa mutum tayin aiki, kafin nan kuwa duk wanda ya rage farashinsa a rubuce don ya burge, ya ɗaure kansa da igiyar da zai yi wuyar kwancewa. Haka nan kada a tara wa jami'a takardun da ba ta nema ba, tun daga shaidar firamare har hoton bikin yaye ɗalibai.

Sai kuma ambaton manya. Akwai masu ganin dabara ce a sa layi guda cewa Alhaji wane, ko kwamishina wane, yana gaishe ta. Da zarar an rubuta haka, takardar ta tashi daga godiya ta koma kamun ƙafa, kuma akwai ma'aikatun da kan rubuta ƙarara a tallarsu cewa kamun ƙafa zai sa a soke sunan mutum. Abin da ya fi wannan muni shi ne haɗawa da kyauta, ko katin waya, ko alkawarin za a zo a yi godiya ta musamman. Idan jami'in ma'aikacin gwamnati ne, dokar yaƙi da cin hanci ta shekarar 2000, wadda ta kafa hukumar ICPC, ta hukunta mai bayarwa kamar yadda ta hukunta mai karɓa. A gefe guda kuma, in jami'in ne da kansa ya amsa godiyar da neman kuɗin fom ko na gwajin likita kafin a ci gaba, to, mai neman aiki ya ja da baya, domin kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biyan mai nemo masa, kuma 'yan damfara sun daɗe da gano wannan ƙofa.

Masu cewa ita kanta takardar godiyar wani nau'in kamun ƙafa ce suna da 'yar hujja, musamman a aikin gwamnati, inda hukumar ɗaukar ma'aikata ke aiki da jarrabawa da kwamiti da maki. A can takarda zuwa ga jami'i guda ba ta da gurbi a tsarin, kuma barinta ya fi. Amma a inda mutum ɗaya ya bugo waya da sunansa, ya kuma nemi a aiko masa da wani abu, amsa masa cika aiki ne. Ma'aunin mai sauƙi ne: takardar da jami'a za ta iya tura wa shugabanta yadda take ba tare da ta goge ko layi ɗaya ba, ita ce mai tsabta.

Game da lokaci, a aika kafin rana ta zagayo, domin jami'a ta kan rubuta bayaninta tun maganar tana sabuwa a kanta, gyaran da ya iso bayan ta miƙa jerin sunaye kuwa ihu ne bayan hari. Hanya mafi kyau ita ce a amsa a kan imel ɗin da aka aiko da gayyatar, don duk maganar ta zauna wuri ɗaya. Kada a bi jami'a ta WhatsApp sai in ita ce ta fara bi ta nan, kada kuma a aika saƙon murya ko a buga mata waya da dare. A duba sunanta a ƙasan wasiƙarta a rubuta shi yadda ta rubuta, a kuma tabbatar takardar da aka ce an haɗa tana haɗe, don sau da yawa a nan ake tuntuɓe.

Ya kamata a faɗi iyakar abin. Takardar godiya ba ta mai da wanda bai cancanta ba ya cancanta, kuma akwai jami'an da ba sa amsa ta ko kaɗan, shirunsu kuwa ba ya nufin an ƙi mutum. Idan an ce mako biyu, a bari mako biyun su cika, a ƙara kwana biyu ko uku na aiki, sa'an nan a aika layi biyu a kan imel ɗin nan dai, ana tambayar ko an tsai da ranar mataki na gaba. In wannan ma ba a amsa ba, saurayin ya ci gaba da aika takardunsa wasu wurare, kada kuma ya miƙa sanarwar barin shagon da yake sai takardar tayin aiki ta shigo hannunsa.