Lissafin waya da lissafin shago

Makon jiya na leƙa shagon wata hajiya mai sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kantin Kwari. Na tarar da ita cikin damuwa, domin ta biya kuɗin talla a Instagram, kuma wayarta ta nuna mata lamba 4,200 a ƙarƙashin kalmar "Impressions". Ta ce, "Malam, mutum dubu huɗu sun ga kayana, amma turmi uku kawai na sayar. Ko dai an cuce ni ne?"

Na karɓi wayar muka buɗe shafin "Insights". Na ce mata, Hajiya, wannan lambar ba ta ƙirga mutane. Tana ƙirga sau nawa hoton ya bayyana a fuskar waya ne. Idan ɗan dako ya gifta ƙofar shagonki sau uku a yini, an gifta sau uku, amma mutum ɗaya ne ya gifta. Lambar da ke ƙirga masu giftawar ita ce "Reach", kuma tata 1,400 ce. Da muka raba 4,200 da 1,400 sai muka sami 3, wato kowane mai kallo ya ga hoton kusan sau uku. Idan wannan ukun ta yi ta hawa alhali "Reach" na tsaye, to tallan yana zagaya mutanen jiya ne, kuɗi kuma na tafiya.

Lamba ta uku ita ce "Engagement": waɗanda suka tsaya suka taɓa kaya. A nan an danna alamar so sau 52, an yi sharhi 9, an adana hoton sau 6, an tura wa wasu sau 3. Jimilla 70 ke nan, wato biyar cikin ɗari na 1,400. Sai dai ba nauyinsu ɗaya ba. Mai danna alamar so kamar mai cewa "Allah ya kawo kasuwa" ne ya wuce. Wadda ta adana hoton ko ta tambayi farashi, ita ce mai niyyar dawowa.

Da muka duba garuruwan masu kallo sai asiri ya tonu. Yawancinsu suna Legas da Fatakwal, ita kuwa Hajiya ba ta aika kaya wajen Kano. Yaron da ya saita mata tallan Najeriya gaba ɗaya ya zaɓa. Ba wanda ya cuce ta. An yi shelar ne a inda masu ji ba za su iya zuwa shago ba.

Na shawarce ta ta taƙaita tallan ga Kano da kewaye, sannan ta riƙa tambayar duk wanda ya saya inda ya ga kayan, ta rubuta a littafin ciniki. Waya ba ta ganin kuɗin da ya shiga aljihu a shago. Wannan lissafin sai littafinta.