Wa Ke Da Laifi In Bangon Littafi Ya Dawo A Dushe?

Kukan da muka fi ji shi ne: "Mai maɗaba'a ya ɓata mini bango." Sau da yawa laifin namu ne, tun daga Bakura muka aika shi a ɓace.

A ce mun haɗa bango a waya: koren gonakin shinkafar Bakolori shar, sunan littafi da shuɗi mai ɗaukar ido. Muka tura Gusau aka buga kwafi 500. Da aka kwance ƙunshin sai ga koren ya koma kamar kuka, shuɗin kuma ya karkata zuwa shunayya. Kuɗi sun tafi, ranar ƙaddamarwa ta matso.

Dalili shi ne waya da haske take nuna launi, tana gauraya ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB. Takarda ba ta da haske, tawada take sha, kala huɗu: C shuɗi mai haske, M ja mai ruwan hoda, Y ruwan ɗorawa, K baƙi. Wannan ne CMYK, kuma akwai launukan waya da tawada ba za ta taɓa kai musu ba, musamman kore da shuɗi masu walƙiya.

Ra'ayinmu, mu riƙa juya aikin zuwa CMYK da kanmu kafin ya bar hannunmu, ko mu zauna kusa da mai zane ya juya a CorelDRAW muna gani. Gara dushewar ta faru a gabanmu, lokacin da gyara bai cin ko sisi. In shuɗi na gaske muke so, kada M ta matso kusa da C. C100 M70 zai tsaya shuɗi, amma da M ta haura 90 sai shunayya.

Baƙi ma yana da tarko. Baƙin waya in an juya shi, tawada huɗun duka yake kwasa. A kan ƙananan haruffan bayan bango, da faranti ɗaya ya ɗan goce sai rubutun ya fito da inuwa kamar mai hawaye ke karatu. A sa shi K100 kawai.

Wani zai ce ya tura RGB kuma ya fito da kyau. Gaskiya ne, injin da ke buga kwafi goma ko ashirin kai tsaye yakan juya da kansa, wani lokaci har ya fi. Shi ya sa tambayar farko ga mai maɗaba'a ita ce wane inji zai hau, kafin ma a zo ga ciniki.

Sannan a tura PDF a matsayin Document, domin WhatsApp matse hoto yake. A nemi gwajin kwafi ɗaya a kan takardar da za a yi bangon da ita, a ba direban Mafara ya taho da shi, a duba a hasken rana kafin a ce a buga sauran.