Ruwan Farko Ba na Tanki Ba Ne

Ya ku malamai da fataken Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ku sani ruwan da ya fara saukowa ta indararo wankin kwano ne, ɗauke da ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye. Wanda ya kai shi tanki ya ɓata abin shan iyali da almajirai.

Ga misali. Rufi mai tsawon mita 10, faɗi 5, a raba masa lita 50 ta farko, wato jarka biyu masu cin lita 25. Sai a haɗa duro mai wannan ciki a ƙarƙashin bututu, da ƙwallon roba a wuyansa. In ya cika, ƙwallon ya taso ya toshe, ruwan kirki ya wuce ta rariya zuwa tanki. Da an ɗauke ruwa a zubar da na duron, domin in ya kwana cike, dauɗar gobe tanki za ta zarce. Alamarta laka a ƙasan tanki.

Bututun fitar da rara kuwa, kada ya gaza na shiga faɗi. A ɗaura masa raga saboda sauro, a nisanta bakinsa daga gindin katanga.