Kafin ku rabu saboda taswirar taurari, ku duba agogo

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo mana makaranta. Saurayi da budurwa su shiga shafin kyauta a intanet, su zuba ranar haihuwa da lokaci da gari, na'ura ta zana musu da'ira biyu a haɗe, abin da shafukan ke kira Synastry. Wasu har sukan kai shagunan kwamfuta na wajen Babbar Kasuwa a buga musu mai kala. Daga nan sai ka ji an ce "taurarinmu ba su jitu ba", soyayyar shekara biyu ta fara tangal-tangal.

Hukuncin duba a addini sananne ne, malamai sun yi bayani, ba sai na maimaita ba. Ni magana ta a kan lissafi take. Ko a ma'aunin masu abin da kansu, takardar nan tana iya zama shirme tun daga abin da aka shigar.

Ga dalili. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu. Burujin da ke fitowa daga gabas lokacin haihuwa, wanda allo ke nunawa da Ascendant, yakan sauya kusan duk awa biyu. Amma rana digiri ɗaya kacal take matsawa a yini guda, wata kuma kamar rabin digiri a awa. Shi ya sa kuskuren ke ɓuya: burujin rana da na wata suna nan yadda ka san su, sai ka ɗauka komai daidai ne, alhali ginshiƙin taswirar ya goce.

A ɗauka an haifi saurayi a Katsina, ita kuma a Khartum, tsakiyar Maris 2003, ƙarfe 7:00 na safe. Ba abin mamaki ba ne, Hausawa nawa ne a Sudan? Nashi mai sauƙi ne, don Najeriya tana gaban agogon GMT da awa ɗaya rani da damina. Nata ne da tarko. Yau Khartum tana gaba da awa biyu, amma daga Janairun 2000 zuwa Nuwamban 2017 awa uku ce. Ƙarfe 7:00 ɗinta ke nan 4:00 a GMT. Wasu shafukan sun san wannan tarihin, wasu kuwa kai za ka zaɓa. In mai shago ya duba waya ya ga +2 ya saka, ya mai da haihuwarta 5:00, taswirarta ta juya kusan digiri 15, rabin buruji cur.

To, masu wannan harka sukan ce abu biyu sun haɗu in tazararsu ba ta wuce digiri biyar zuwa takwas ba. Ka ga juyin digiri 15 ya isa ya goge "haɗuwar" da ke akwai, ko ya ƙirƙiro wadda babu. Tauraron da ke gidan aure, gida na bakwai, sai ya zame zuwa na shida. Kuma na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, abin da ka ba ta shi take dafawa.

Sai batun gari. Mu nan in an ce "ɗan ina ne?" asali muke faɗa, ba inda aka yanke cibi ba. Wanda aka haifa a Makka ko Kumasi zai ce Katsina, alhali Makka tana gabanmu da awa biyu, Kumasi tana bayanmu da awa ɗaya. Ko wanda aka haifa a gida ma, in ya rubuta Katsina, jerin zai iya kawo Katsina-Ala ta jihar Binuwai, wadda ke kudu da mu da kusan digiri shida. Yatsa ya zame, an kai ka bakin wani kogi.

Yaya za ka gane? Duba saman takardar. Katsina tana wajen 13°N da 7°36'E. In ka ga 7°N, ba garinku ba ne. Sannan duba layin UT, ka cire shi daga lokacin haihuwa, ka ga ko tazarar ta dace da ta waccan shekarar. Na uku ya fi sauƙi: wanda aka haifa da hudowar rana, dole alamar rana ta zauna dab da Ascendant. A Khartum ta Maris 2003 wajen 7:00 rana ke fitowa, don haka in takardar ta nuna ta yi sama, an yi kuskuren awa.

Duk wannan fa in an san lokacin ke nan. Mu nawa ne aka rubuta mana mintin haihuwa? Tambayi Inna, ta ce "bayan asuba ne, ana sanyi". Tsakanin asuba da hantsi buruji ɗaya ko biyu sun wuce.

Ra'ayina shi ne, takardar da kuskuren awa ɗaya ke iya birkitawa ba ta cancanci yanke hukunci a kan ɗiyar mutane ba. Mai son sanin ko za su zauna lafiya, ya bincika hali, ya tambayi maƙwabta, ya yi istihara, ya tura magabata.