Me Ya Sa Mugun Mafarki Ya Fi Mai Daɗi Yawa?

Wane ne cikinmu bai taɓa mafarkin ana bin sa da gudu ƙafafunsa sun ƙi ɗaguwa ba? Muna farkawa zuciya na bugawa, sai mu ɗauka wani abu ne ya same mu mu kaɗai. A gaskiya haka yawancin mutane suke.

A 1966, Calvin Hall da Robert Van de Castle sun fitar da nazarin mafarkai 1,000 na ɗaliban Amurka. Kusan kashi 80 cikin 100 na yanayin zuciyar da aka ambata a ciki marasa daɗi ne: tsoro, fushi, baƙin ciki ko ruɗewa.

A shekarar 2000, wani masani ɗan ƙasar Finland, Antti Revonsuo, ya kawo dalili. A ganinsa mafarki atisaye ne. Kakannin ɗan Adam sun rayu cikin haɗarin namun daji da abokan gaba, don haka ƙwaƙwalwa ke maimaita haɗari cikin barci, mutum ya koyi gane shi da kauce masa ba tare da ya ji rauni ba. Mafarkin biki ba ya ceton ran kowa, na gudu kuwa yana iya yi. Shi ya sa, in ji shi, munana suka fi yawa. Wani bincike na 2005 ya mara masa baya: yaran Kurdawa na arewacin Iraki da suka ga tashin hankali sun fi yaran Finland yawan mafarkin barazana.

Mu dai a ganinmu, wannan ra'ayi ya faɗi rabin gaskiya ne. Binciken 2008 ya kwatanta mazauna yanki mai yawan ta'asa a Afirka ta Kudu da mutanen Wales masu zaman lafiya, sai aka ga na farkon ba su kai na biyun mafarkin barazana ba. Kuma ba kasafai mai mafarkin ke tsira ta hanya mai ma'ana ba. To wane irin atisaye ne ba a cin nasara a cikinsa?

Sannan ga batun mantuwa. Mugun mafarki yakan tashe mu, kuma wanda aka farka a cikinsa aka fi tunawa. Mai daɗi yakan wuce ba mu sani ba.

Mu gwada da kanmu: mu ajiye littafi kusa da matashi, mu riƙa rubuta duk abin da muka gani da zarar mun farka har kwana 14, sannan mu ƙirga. A cikin nawa aka bi mu, a nawa muka tsira? Ku kawo mana sakamakonku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.